Hoton kwastoma da yabonta: tambayoyi da amsoshi kan yadda ake samu da yadda ake neman izinin ɗorawa

Ina ɗinki da sayar da abaya da atamfa a Kano, kuma mafi yawan cinikina ta WhatsApp da Instagram yake zuwa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda abokan sana'a suka fi yi mini a kan hoton kwastoma da yabonta. Na yi magana da "ke" saboda yawancin masu tambayar mata ne, amma mai sayar da hula ko takalmi ko turare zai ga lamarin kusan ɗaya ne.

Kwastomomi suna yaba kayana a WhatsApp, amma ba mai ɗorawa a shafinta. Me ya sa?

Dalili na farko shi ne ba ki ce su ɗora ba. Wadda ta sayi abaya tana ganin ciniki ya ƙare daga lokacin da ta biya kuɗi ta karɓi kaya. Ba ya zuwa ranta cewa hotonta yana da wani amfani a wurinki.

Amma akwai dalilan da suka fi wannan zurfi, kuma sai kin san su kafin ki san abin da za ki roƙa. Wata ba ta ɗora fuskarta a ko'ina, ko don mijinta ba ya so, ko don tsoron baki da kambun baka, ko don kawai haka tarbiyyar gidansu take. Wata tana ɗora hoto, amma ba ta son a san inda ta sayi kayan, don kada gobe ta je biki ta tarar da mutum uku sanye da irin nata. Wata kuma ba ta son dangin miji su lissafa mata kuɗin leshin da ke jikinta, musamman idan farashi yana rubuce a shafinki. Idan kika ce wa duk waɗannan "ki ɗora ki yi mana tag", kin roƙi abin da ya fi musu nauyi, shiru za ki ji.

Saboda haka ni ba na fara roƙon fuska. Ina roƙon abin da ya fi sauƙi: hoton rigar daga wuya zuwa ƙasa, ko hannun riga da zanen lalle, ko kayan a shimfiɗe a kan gado lokacin da aka buɗe leda, ko jimla biyu a rubuce. Mai saye tana son ta ga yadda yadin yake zuba a jikin mutum da kuma yadda launinsa yake a hasken gida. Fuskar mai sanye da shi ba ta ƙara mata komai a kan wannan.

Yaushe ya kamata in tambaya, kuma me zan ce?

Ba ranar da kaya suka isa ba. Ranar nan tambaya ɗaya ce ta dace: "Kaya sun iso lafiya? Ɗinkin ya zauna?" Idan akwai matsala, nan za ki ji ta, ki gyara. Wadda hannun rigarta ya matse ba a roƙonta hoto.

Lokacin roƙo shi ne bayan ta sa kayan an yaba mata. Idan ɗinkin Sallah ne, washegarin Sallah ko kwana biyu bayanta, lokacin hotuna suna nan a wayarta da ɗuminsu. Idan na biki ne, ki tambaye ta ranar bikin tun lokacin karɓar oda, ki rubuta, sannan ki tuntuɓe ta kwana ɗaya ko biyu bayan an watse. Idan kika bari aka yi mako uku, zancen ya yi sanyi.

Ga irin abin da nake turawa:

"Hajiya barka da Sallah, an yi Sallah lafiya? Da fatan riga ta zauna. Idan kin ɗauki hoto da ita, zan so in ga yadda ta yi a jiki, ko da ba fuska. In ba hali ba komai wallahi."

Ki lura wannan saƙon bai nemi izinin ɗorawa ba tukuna, gani kawai ya nema. Neman izini saƙo ne na daban, zai zo bayan kin ga hoton.

Ƙaramin kati a cikin ledar kaya yana taimakawa, mai ɗauke da sunan shafinki daidai yadda ake rubuta shi. Sau da yawa kwastoma ta yi niyyar yi miki tag, sai ta tarar da shafuka huɗu masu suna kusan iri ɗaya, ta haƙura, ko ma ta yi wa wata.

Abu ɗaya na fasaha: WhatsApp yana matse hoto idan an turo shi yadda aka saba, sai ya fito dishi-dishi idan kika ɗora. Ki ce ta taɓa HD kafin ta turo, ko ta turo shi a matsayin Document.

Zan iya ba da ragi ko kyauta ga wadda ta turo hoto?

Za ki iya, amma ki yi lissafi, kuma ki san abin da kike saye. A ce kin yi ɗinkin Sallah guda 40, kika ce duk wadda ta turo hoto tana da ragin naira 1,000 a odarta ta gaba. A ce mutum 12 suka turo. A cikinsu wasu hotunan sun yi duhu, wasu an ɗauke su a gaban kwanukan wanke-wanke, wasu masu su sun ce kada a ɗora. Kika tsira da 5 masu amfani. Ragin da kika yi alkawari naira 12,000 ne, wato kowane hoto mai amfani ya tsaya miki a naira 2,400. Ko ya yi tsada ko bai yi ba, ribarki a kan riga ɗaya ce za ta faɗa miki. Abin da ya sa na fi son ragi a kan oda ta gaba fiye da tura kati ko kuɗi shi ne, ba ya fita daga hannunki sai ta dawo ta sake saye.

Sharaɗin da nake riƙewa shi ne, ragin na hoto ne, ba na yabo ba. Wadda ta turo hoto ta ce wuyan rigar ya yi mata faɗi ita ma ta ci raginta. Da zarar kin ce "duk wadda ta faɗi alheri a kanmu", kin sayi baki ne, kuma masu karatu suna ganewa, domin yabon saye duk kamarsa ɗaya: "Masha Allah kaya sun yi kyau sosai", babu ambaton yadi, babu ambaton ɗinki.

Idan kuma kin ba wata kaya kyauta ko kin biya ta don ta ɗora a shafinta, wannan talla ce, ya kamata a faɗa. Instagram yana da alamar `Paid partnership` da aka yi domin haka. Sannan idan shagonki yana kan Google Maps, ki sani ƙa'idar Google ta hana ba da kyauta ko ragi a madadin ra'ayin da ake rubutawa a can. Kina iya tura wa kwastoma hanyar da za ta rubuta, amma ba tare da alkawarin komai ba.

Ita da kanta ta turo mini hoto ta ce "kaya sun yi kyau". Ai wannan izini ne ko?

Ba izini ba ne. Nan ne kusan dukkanmu muka taɓa faɗawa.

Farkon fara sana'ata wata baiwar Allah ta turo mini hotonta ranar sunan 'yar ƙanwarta, sanye da doguwar rigar da na ɗinka mata, da saƙon murya tana ta sa albarka. Daɗi ya kama ni, ban yi wata-wata ba na sa a Status. Ban san matar wan mijinta tana da lambata ba, ita ma ta taɓa sayen mayafi a wurina. Kafin la'asar hoton ya isa wayar mijin. Ashe ya sha gaya mata ba ya son hotonta a waya. Ta kira ni muryarta tana rawa, ba ta zage ni ba, cewa kawai ta yi, "Anti ke na tura wa." Na goge nan take, amma an riga an ɗauka. Ba ta sake saye a wurina ba, haka ƙawayenta biyu da ta kawo mini.

Kalmarta ita ce amsar tambayar: ke ta tura wa. Hoton da aka aiko miki a hira tsakaninku amana ce, ta nuna miki ne don ki ji daɗin aikinki. Nuna wa mutum ɗari biyar da ke ganin Status ɗinki wani abu ne daban da ba ta ce ki yi ba. Haka saƙon murya, ko ma ya fi, domin wanda ya san mutum yana gane muryarsa ko an ɓoye suna. Idan kuwa ta turo hoton a matsayin na gani sau ɗaya, wanda ake kira `View once`, ai ta riga ta ba ki amsa, kada ma ki ɗauko wata wayar ki ɗauke shi.

To idan ita ta ɗora a shafinta ta yi mini tag fa?

Nan akwai hawa-hawa. Idan shafinta a buɗe yake ga kowa, ta sa a Story ta ambaci sunan shafinki, Instagram zai ba ki damar `Add to your story`. Wannan na ɗauke shi abin da ta yi tsammani, domin ita ta kira ki, sunanta yana nan a jiki, kuma bayan awa 24 zai ɓace. Ko a nan ina tura mata "na gode, zan sake ɗorawa", don in ba ta damar cewa a'a.

Daga nan kuma komai sabon abu ne. Sa shi a Highlights ya mayar da abin awa 24 ya zama na dindindin. Sauke hoton ki ɗora a shafinki kamar naki wani mataki ne. Kai shi TikTok ko Facebook, inda ba ta da shafi kuma ba za ta ga abin da ake faɗa a kanta ba, wani matakin ne. Mafi nauyi shi ne ki biya kuɗi ya zama talla, domin nan hotonta zai je gaban mutanen da ba su san ki ba, ba su san ta ba, a garuruwan da ba ta taɓa zuwa ba. Tag bai ba ki ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ɗora hoto a Instagram ba ya cire shi daga mallakar mai shi.

Idan shafinta a rufe yake, ta zaɓi masu ganinta ne ɗaya bayan ɗaya. Kasancewarki cikinsu bai sa ki zama ƙofar da sauran duniya za su leƙo ta ba.

Hanya mai tsabta idan tana so a gan ta ita ce ku ɗora tare. Wajen ɗorawa ki zaɓi `Invite collaborator`, sai ta amince kafin ya fito a shafinta, kuma tana iya cire kanta duk lokacin da ta ga dama. Amma ki tuna shi hoton zai ci gaba da zama a naki shafin har sai kin goge.

Yaya ake rubuta saƙon neman izini?

"Zan iya ɗorawa?" ya yi gajarta. Ita za ta ɗauka Status kike nufi na yini ɗaya, ke kuma kina nufin ko'ina har abada, rigima ta samo asali. Saƙo mai kyau yana faɗin wane hoto, a ina, fuska ko ba fuska, da suna ko ba suna, har zuwa yaushe, sannan ya bar mata ƙofar fita. Ni nakan danna hoton in ba da amsa a kansa, don kada a yi musun wanne ake nufi, in rubuta:

"Hajiya wannan hoton ya yi kyau ƙwarai. Ina neman izininki in sa shi a Status ɗina na WhatsApp da shafina na Instagram, zai zauna a shafin har zuwa Babbar Sallah. Zan yanke daga wuya, ba zan sa sunanki ba. Ba zan yi tallar kuɗi da shi ba. Duk ranar da kika ce in cire zan cire. In kin yarda ki rubuto mini 'na yarda', in kuma ba ki so wallahi ba komai, ba zai canza komai tsakaninmu ba."

Jimlar ƙarshen ba ado ba ce. Mutanenmu suna da kara, da yawa za su ce "to" alhali ransu bai so ba, musamman idan kin girme su ko kin taɓa yi musu ragi. Sai kin sauƙaƙa musu cewa a'a sannan "to" ɗinsu zai zama na gaske. Kuma ki koyi jin "a'a" irin tamu: "bari in gani", "sai na yi shawara", ko ɗan hoton murmushi ba tare da kalma ba, duk ba amincewa ba ne.

Bayan na yanke hoton na rufe abin rufewa, nakan tura mata shi yadda zai fito kafin in ɗora. Minti ɗaya ne, kuma sau da yawa a nan take cewa, "Kai, ga hoton Alhaji a bango, a cire."

Idan daga baya kina son yin tallar kuɗi da shi, ki koma ki sake tambaya. A wannan matakin ni ina ganin adalci ne a ba ta wani abu, ko mayafi ko ragi mai kauri, tunda kuɗi za ki samu da jikinta.

Akwai doka a kan wannan, ko dai kara ce kawai?

Akwai. A Najeriya dokoki biyu ne suka fi shafar mu. Ta farko ita ce Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda hukumar NDPC take kula da ita. Hoton da ake gane mutum a cikinsa, da sunansa, da lambar wayarsa, duk bayanansa ne a idon wannan doka. Ta yi sassauci ga abin da mutum yake yi na harkar gidansa kawai, amma talla da kasuwanci ba sa cikin wannan sassaucin. Abu uku a cikinta ya kamata kowace mai sana'a ta riƙe: shiru ba amincewa ba ne, ke ce za ki kawo hujjar cewa an ba ki izini idan aka yi musu, kuma mutum yana da damar janye izininsa duk lokacin da ya so.

Ta biyu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda take magana a kan wanda ya mallaki shi hoton. 'Yan'uwanmu na Nijar su ma suna da hukumar kare bayanai, HAPDP, Ghana kuma tana da tata dokar tun 2012.

A gaskiya abin da ya fi saurin samun ƙaramar 'yar kasuwa ba kotu ba ce. Mai hoto yana iya kai ƙara wurin Instagram a sauke hoton, kuma idan ƙorafin satar hoto ya yi ta maimaituwa a kan shafi ɗaya ana iya rufe shi. Shafin da kika yi shekara huɗu kina tarawa. Sai kuma bakin mutane, wanda a garinmu ya fi kowace hukuma sauri.

Sai na nemi izinin mijinta?

Izini nata ne, kuma ba ke za ki kira mijin wata ba. Amma ki ba ta fili. Idan na san matar aure ce kuma fuskarta za ta fito, nakan ƙara da cewa, "Ba gaggawa, ki yi shawara da maigida tukuna." Wadda ta san ba matsala za ta ce miki ba matsala. Wadda ta manta da wannan ɓangaren cikin murna, kin tuna mata kafin abin ya zama zance. Haka budurwar da ke gaban iyayenta ko wadda aka sa wa rana.

Amarya ta turo mini hotunan biki da mai hoto ya ɗauka. Ta yarda in ɗora. Shi ke nan?

Saura mai hoton. A ƙa'idar haƙƙin mallaka, hoto na wanda ya ɗauka ne tun farko, sai in sun yi wata yarjejeniya ta daban. Amarya ta biya shi don ta samu hotunan bikinta, wannan bai nuna an ba ta damar miƙa su ga wata ta yi tallar kaya ba. Izini biyu kike buƙata: nata saboda jikinta ne, nasa saboda aikinsa ne. Yawancin masu hoton biki suna yarda cikin sauƙi idan za ki ambaci sunan shafinsu, domin su ma talla ce. Abin da yake ɓata musu rai shi ne a yanke tambarinsu da ke gefen hoto, ko a ɗora naki a kai. Kada ki yi.

Sai sauran mutanen da ke cikin hoton. Ƙawayen amarya takwas sanye da ankon da kika ɗinka hoto ne mai jan ciniki, na sani, amma amarya ba ta da ikon ba da izini a madadin fuskoki takwas. Ko dai ta tambaye su ɗaya bayan ɗaya ta turo miki amsarsu, ko ki nemi hoton da aka ɗauka ta baya, ko ki yanke.

Yara kuwa, wanda bai kai shekara 18 ba izinin mahaifi ko mai riƙonsa doka take nema. Yayarsa ko gwaggonsa da ta sayi kayan ba ta isa ba. Ko uwa ta yarda, ni ba na sa sunan yaro, kuma ina duba kada bajen makarantarsa ko ƙofar gidansu su fito.

Idan hirar WhatsApp ce kawai, na rufe suna, akwai matsala?

Ki tambaya duk da haka, ko da gajeren saƙo ne. Sannan ki rufe da kyau, domin suna ba shi kaɗai yake tona mutum ba. Ki duba ƙaramin hotonta da ke sama, da lambar waya, da saƙon da aka ba da amsa a kansa wanda yake ɗauke da suna a ciki, da abin da ta faɗa a tsakiyar hira kamar unguwarsu ko ranar bikin ƙanwarta. Rasidin tura kuɗi yana ɗauke da cikakken suna da banki. Hoton kaya a tasha kafin a sa a mota shi ma haka, sunan mai karɓa da lambarta suna rubuce ɓaro-ɓaro a jikin ƙunshin, kuma mu da kanmu muke ɗorawa muna cewa "kayan Kaduna sun tafi".

Wajen rufewa, yankewa ta fi shafawa. Wasu alƙaluman da ke cikin waya, musamman na haskaka rubutu, launinsu ba ya rufewa gaba ɗaya, wanda ya ƙara hasken hoton yana iya karanta abin da ke ƙasa. Idan dole sai kin shafa, ki yi amfani da launi mai kauri ko ki manna wani abu a kai, sannan ki ƙara haske da kanki ki gwada.

A ina zan ajiye shaidar cewa ta yarda?

Ba a cikin hirar kaɗai ba. Wasu suna kunna saƙonni masu ɓacewa, bayan awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90 komai ya tafi, ga kuma sauya waya da satar waya. Da ta rubuto "na yarda", ki ɗauki hoton allon yadda saƙonki da amsarta da kwanan wata za su fito tare, ki ajiye a wuri ɗaya a Google Drive ko ki tura wa imel ɗinki. Ina kuma da ɗan littafi: suna, wane hoto, inda aka yarda a sa, har yaushe. Idan da baki ta yarda a shago, ina bin ta da saƙo, "Kamar yadda muka yi magana ɗazu", don ta amsa a rubuce.

Idan kina da yarinyar da take kula miki da shafi, ki nuna mata littafin nan. Hoton da ba ya ciki ba ya hawa.

Ta yarda a baya, yanzu ta ce in cire. Dole ne?

Ki cire, kuma kada ki tambaye ta dalili. Rayuwa tana juyawa: an yi mata aure, ko auren ya mutu, ko ta fara sa niƙabi, ko wani yana damunta. Ki bi duk inda kika sa, shafi da Highlights da katalog ɗin WhatsApp Business da Facebook, da tallar da ke gudana in akwai. Sannan ki tuna da masu sari a hannunki waɗanda kika tura wa hotuna, domin ta nan abin ya fi kuɓucewa. Wannan ne ya sa tun farko ba na tura wa 'yan sari hoton kwastoma, hoton kaya a jikin mutum-mutumi kawai suke samu.

Ki gaya mata gaskiya cewa kin cire naki, amma ba ki da iko a kan wanda ya riga ya ɗauka. Idan abin bugawa ne, kamar takardar talla ko allon gaban shago, ki faɗa mata tun ranar neman izini cewa wannan ba ya gogewa da danna waya, ku yi yarjejeniyar lokacin da za a sauke.

Zan iya gyara hoton ko in gyara maganarta?

Ƙara haske kaɗan da yanke gefe ba laifi. Sauya launin fatarta, ko rage mata jiki, ko gyara launin yadi har ya bar yadda yake a zahiri, wannan cin fuska ne gare ta kuma yaudara ce ga mai saye. Magana ma haka. Idan ta ce "ɗinkin ya yi kyau amma an yi mini jinkirin kwana huɗu", kika yanke rabin ƙarshe, kin sa mata abin da ba ta faɗa ba. Ni na gwada ɗora irin wannan yadda yake tare da ban-haƙurina a ƙasa, kuma na ga mutane sun fi yarda da shi.

Idan bidiyo ne mai waƙa a ciki, izininta bai haɗa da waƙar ba. Waƙar da mutum zai iya sawa a shafinsa na kansa ba lallai a yarda a yi tallar kaya da ita ba, shi ya sa TikTok ya ware wa shafukan kasuwanci nasu rumbun sautin daban. Ki nemi ta turo miki bidiyon tsurarsa kafin a sa waƙa.

Ni man shafawa da kayan gyaran jiki nake sayarwa. Akwai bambanci?

Akwai, kuma babba ne. Hoton "kafin da bayan" na kuraje, ko shaidar wadda ta sha maganin sanyi ko kayan mata, ya taɓa lafiyar mutum da sirrin aurensa, kuma dokar 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta wa kariya. A nan ba fuska, ba murya, ba sunan unguwa, kuma izini a rubuce ƙarara. Bayan haka, duk abin da kwastoma ta faɗa kika ɗora a shafinki ya zama da'awarki. Idan ta rubuta cewa maganinki ya warkar mata da ciwon suga kika yaɗa, ba za ki ce "ai ita ta faɗa" ba, domin tallar magani da kayan shafawa tana ƙarƙashin ƙa'idojin NAFDAC.

Na tambaya ta yi shiru. In sake tambaya?

Sau ɗaya, bayan kwana uku ko huɗu, a taƙaice: "Hajiya ko kin ga saƙona a kan hoton nan? In bai yiwu ba ba komai." Idan ta sake yin shiru, ki bar maganar, kada ki ɗora, kada kuma ki tayar da ita ranar da ta dawo sayen kaya. Abin da za ki iya yi shi ne ki ɗinka irin rigar ki sa wa mutum-mutumi, ki ɗauka a bakin taga da hantsi, ki rubuta sunan yadin da yawan yadin da ya ci.